Yadda Ake Gwada Farkon Talla Iri Biyu Don Gano Wanda Ya Fi Riƙe Mai Kallo

Duk mai tallata kayansa da bidiyo a Facebook ko Instagram ya san irin wannan takaici: an kashe kuɗin data, an ɓata yini guda ana ɗauka ana gyarawa, an biya kuɗin talla, amma mutane suna zuwa kansa suna wucewa kamar ba su gan shi ba. Sau da yawa laifin ba na kayan ba ne, ba kuma na farashin ba ne, domin mai kallo bai ma kai wurin da aka faɗi farashin ba. Tun a sakan uku na farko ya ja yatsa ya yi gaba.

Waɗannan sakan ukun na farko su ne masu harkar talla ke kira huk, wato ƙugiya, saboda aikinsu shi ne su kamo mai wucewa su tsayar da shi. Ƙugiya ta haɗa da hoton da ido ya fara gani, da rubutun da ke kan bidiyon, da kalaman farko da aka furta. Wannan darasi zai nuna yadda ake haɗa ƙugiya iri biyu a kan talla guda, a sake su tare, sannan a karanta sakamakon. Karatun sakamakon shi ne wurin da aka fi yin kuskure, domin ƙugiyar da ta fi tsayar da mutane ba lallai ne ita ce ta fi riƙe su ba.

Bidiyo ɗaya, kai biyu

A ɗauki misalin wani matashi mai ɗan shago a kasuwar waya ta Fam Santa a Kano, wanda yake son tallata fawa bank. Ya ɗauki bidiyo a tsaye mai tsawon sakan 24. Sakan 21 na ƙarshe su ne gangar jikin tallan: an jona waya ta fara caji, an nuna ramukan caji, an faɗi farashi, sannan an ce a yi magana ta WhatsApp. Sakan uku na farko ne ya rasa wanda zai zaɓa.

A ƙugiya ta farko, wadda za a kira A, ya leƙo da fuskarsa dab da kyamara ya ɗaga murya: "Kada ka sayi fawa bank sai ka ga wannan!" Rubutu ja ɓaro-ɓaro ya cika fuskar waya. A ta biyu, wato B, babu ihu ko kaɗan. Ɗaki ne mai duhu, hannu riƙe da waya, batiri ya koma kashi 2 cikin 100, sai rubutu ya fito: "An ɗauke wuta, caji ya kusa ƙarewa."

Ƙa'ida ta farko ita ce kada komai ya bambanta tsakanin bidiyon biyu in ban da waɗannan sakan ukun. Hanya mafi sauƙi a manhajar gyaran bidiyo irin CapCut ita ce a kammala bidiyo ɗaya, a kwafi aikin gaba ɗaya, sannan a cire guntun farko a sa ɗayan a madadinsa. Sautin da ke ƙasa, bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashin talla, farashi da maɓallin da ake dannawa, duk su zama iri ɗaya. Idan aka canza ƙugiya kuma aka canza kiɗa, in B ta yi nasara babu mai iya cewa kiɗan ne ko ƙugiyar.

Tsawon ma dole ya zo ɗaya, kuma akwai dalili. Facebook yana ƙidaya waɗanda suka kalli kwata, da rabi, da kashi uku cikin huɗu na bidiyo. In A sakan 24 ce, B kuma sakan 32, to rabin A sakan 12 ne, rabin B sakan 16. Mai talla zai zauna yana kwatanta lambobi biyu masu suna ɗaya alhali abin da suke aunawa daban ne.

Sai kuma a tabbata ƙugiyoyin sun bambanta da gaske. Canza launin rubutu daga ja zuwa rawaya ba zai haifar da tazarar da ƙaramin kuɗi zai iya nunawa ba. A misalin nan A gargaɗi ce, B kuma matsala ce da mai kallo ya sani a rayuwarsa. Dabaru biyu ne mabambanta, don haka duk wadda ta ci, an koyi wani abu da zai yi amfani a talla na gaba.

Me ya sa ba a zuba su wuri ɗaya kawai

Abin da yawancin masu farawa ke yi shi ne su ɗora bidiyon biyu a cikin rukunin talla guda su ce bari a ga wanda zai fi. Matsalar ita ce Facebook ba ya raba kuɗin daidai a irin wannan yanayi. Da zarar ya ga alamar ɗaya ta ɗan fi a sa'o'in farko, sai ya karkata mata yawancin kuɗin, ɗayar kuma ta zauna da 'yan tsirarun masu kallo. Bayan kwana uku sai a tarar A ta bayyana sau dubbai, B sau ɗaruruwa. Wannan ba gwaji ba ne, na'ura ce ta yi zaɓinta da wuri. Ga kuma wani cikas: mutum ɗaya yana iya cin karo da duka biyun, kuma wanda ya riga ya kalli A jiya zai wuce B yau da zarar ya gane fawa bank ɗin nan ne dai.

Wasu kuma sukan saki A wannan makon, B mako mai zuwa. Shi ma bai yi ba. In makon farko ya faɗo ƙarshen wata lokacin da albashi ya shigo, ko ana hutun makaranta, ko wutar lantarki ta yi wuya a gari, to makon ne aka gwada, ba ƙugiyar ba. Ga mai sayar da fawa bank, mako guda na rashin wuta ya isa ya sa B ta yi kamar ba ta da na biyu.

Maganin wannan yana cikin `Ads Manager`, shafin sarrafa talla na kamfanin Meta, inda akwai maɓallin `A/B test`. Aikinsa shi ne ya raba mutanen da ake son kaiwa gida biyu ba tare da zaɓe ba, kowane gida ya ga bidiyo ɗaya kaɗai, a lokaci guda. Ya fi sauƙin sarrafawa a kwamfuta, amma wanda ba shi da ita yana iya buɗe shafin a burauzar waya ya kunna `Desktop site`. Wuraren maɓallan sukan sauya lokaci zuwa lokaci, tsarin dai ɗaya ne.

Za a fara da ƙirƙirar kamfen, a zaɓi manufar `Engagement` ko `Awareness`, sannan a wurin burin talla a zaɓi `Maximize ThruPlay views`. A saita gari da shekarun mutanen da ake so, misali Kano da kewaye, shekara 18 zuwa 35. A ɗora bidiyon A. Daga nan sai a danna `A/B test`, a zaɓi `Creative` a matsayin abin da za a gwada, a kwafi tallan, a musanya bidiyon da B. Kuɗin kowane ɓangare ya zama daidai da na ɗan'uwansa.

Akwai saiti biyu da ke lalata gwaji a ɓoye idan aka bar su yadda suka zo. Na farko shi ne wuraren da tallan zai fito. In aka bar `Advantage+ placements`, Facebook ne zai zaɓa, kuma yana iya kai tallan wuraren da mutum ke kallo ba don yana so ba, kamar tallan da ake nuna wa mai buga gem a waya don ya samu lada in ya kalla har ƙarshe. Irin wannan kallo yana kumbura lambobi ba tare da ƙugiya ta yi aikin komai ba. Gara a zaɓi wuraren da hannu, a taƙaita su ga Reels na Facebook da Instagram, inda yatsa ɗaya ya isa a wuce. Na biyu shi ne `Advantage+ creative`, wanda ke iya yi wa talla 'yan gyare-gyare da kansa. A kashe shi a ɓangarorin biyu, don abin da aka ɗora ya zama shi ne abin da aka gani.

Meta na ba da shawarar a bar gwaji ya yi aƙalla kwana 7, kuma iyakarsa kwana 30. Kwana bakwai sun ƙunshi Juma'a da ƙarshen mako da ranakun aiki, waɗanda yadda mutane ke riƙe waya a cikinsu ba ɗaya ba ne. A tsawon wannan lokaci hannu ya nisanci tallan. Gyara rubutu ko ƙara wa ɓangare ɗaya kuɗi a rana ta uku ya rushe daidaiton da aka gina. Nan ne haƙuri ke ƙare wa mutane da yawa, don a rana ta biyu lambobi kan nuna kamar an gama, sai a rana ta biyar su juye.

Lambobi uku, lissafi biyu

Shafin sakamako cike yake da lambobi, amma uku ne ake buƙata. Ana fito da su ta `Columns`, sannan `Customize columns`. `Impressions` shi ne sau nawa tallan ya bayyana a fuskar waya. `3-second video plays` shi ne sau nawa bidiyon ya yi aƙalla sakan uku yana tafiya. `ThruPlays` kuma shi ne sau nawa aka kalle shi aƙalla sakan 15, ko har ƙarshe in bai kai sakan 15 ba. Daga cikinsu ake fitar da lissafi biyu:

```
3-second video plays ÷ Impressions
ThruPlays ÷ 3-second video plays
```

Na sama yana nuna ƙarfin tsayarwa: cikin waɗanda tallan ya gifta ta gabansu, nawa ne suka dakata. Na ƙasa yana nuna ƙarfin riƙewa: cikin waɗanda suka dakata, nawa ne suka zauna. Ana iya yin su da kalkuletar waya, ko a ajiye su a shafin ta hanyar `Create custom metric` don su riƙa fitowa da kansu.

A koma ga mai fawa bank. Lambobin da ke tafe na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba ma'aunin abin da kowa zai samu ba ne. A ce ya ware naira 3,000 kullum ga kowane ɓangare na kwana bakwai, wato naira 21,000 kowanne.

Ƙugiya A ta bayyana sau 21,000, an kalli sakan uku sau 7,350. Ƙarfin tsayarwarta kashi 35 cikin 100 ke nan. Ƙugiya B ta bayyana sau 19,500, an kalli sakan uku sau 5,070, wato kashi 26. Wanda ya tsaya a nan zai ce ihu ya yi aiki, ya kashe B, ya zuba sauran kuɗinsa a A.

Amma da aka duba sakan 15, sai labari ya sauya. A ta samu 1,029 cikin 7,350, kashi 14 ke nan. B ta samu 1,521 cikin 5,070, kashi 30. In aka mayar da su kan ma'auni ɗaya, a cikin kowace bayyana dubu, A ta kai mutum 49 zuwa sakan 15, B ta kai 78. Ta fuskar kuɗi kuwa, kowane kallon sakan 15 ya ci masa kusan naira 20 a A, kusan naira 14 a B. Tunda farashi da maganar WhatsApp suna can ƙarshen bidiyo, B ce ta fi kai mutane kusa da inda ciniki yake, duk da cewa ita ce ta fi ƙarancin tsayarwa.

Dalilin da ya sa lambar sakan uku ke yaudara shi ne bidiyo yana fara tafiya da kansa. Sakan uku ba wani lokaci ba ne. Mutum yana iya ɗaga kai ya amsa sallama, ko ya razana da ihu ya tsaya ya ga mene ne, an riga an ƙidaya shi. Tsayawa ba ta nufin sha'awa. Sakan 15 kuwa sai da niyya.

Inda mutane suka zube

Sanin cewa B ta ci bai isa ba, sai an san inda A ta zubar da mutanenta. A nan ne sauran lambobin ke da amfani, wato `Video plays at 25%`, da na 50, da na 75. A bidiyo mai sakan 24 suna nufin sakan 6, sakan 12 da sakan 18.

A misalin, A ta fara da 7,350 a sakan uku, amma zuwa sakan shida saura 2,205. Bakwai cikin goma sun tafi a cikin sakan uku kacal. B ta fara da 5,070, zuwa sakan shida saura 3,042, wato shida cikin goma suna nan. Daga nan sai raguwar ta zama kusan iri ɗaya. Tsakanin sakan 12 da 18, A ta sauka daga 1,250 zuwa 875, B daga 1,900 zuwa 1,330, kowacce ta riƙe bakwai cikin goma. Haka ya kamata ya kasance, tunda abin da suke kallo a wannan wuri abu ɗaya ne.

Duk tazarar, ashe, an haife ta ne a mahaɗa, wurin da ƙugiya ta miƙa mai kallo ga gangar jiki. A ta yi alkawarin tona wani asiri: kada ka saya sai ka ga wannan. Mai kallo ya gyara zama yana jiran a nuna masa jabu da na ainihi, sai ya ga ana jona waya a caji kamar kowane talla. An yi masa alkawari ba a cika ba, ya wuce. B kuwa ta nuna waya tana shirin mutuwa cikin duhu, abin da ya biyo baya kuma shi ne an jona ta ta farfaɗo. Tambayar da ƙugiya ta tayar, sakan na huɗu ya amsa ta. Ƙari a kan haka, ihu yana tsayar da kowa, har wanda ba ruwansa da fawa bank, yayin da hoton batiri a kashi 2 ya fi tsayar da wanda ya san zafin abin.

Wannan ya nuna A ba ta mutu ba. Tana da ƙarfin tsayarwa, gangar jikin da ta dace da ita ce babu. In mai shagon ya sake ɗaukar bidiyo inda da gaske ya kwatanta fawa bank biyu a gaban kyamara, A na iya yin kyau. Sai dai wannan wani tallan ne daban, da nasa gwajin.

Haka kuma, da a ce duka biyun sun riƙe mutane har sakan shida sannan suka zube tare a sakan goma, to ba a ƙugiya matsalar take ba. Tsakiyar bidiyon ce ta yi sanyi, kuma canza farko sau goma ba zai gyara ta ba.

Yaushe tazara ta isa a yarda da ita

Lambobi kaɗan suna rawa. In aka jefa kwabo sau goma, yana iya faɗowa fuska ɗaya sau bakwai ba tare da yana da wani aibi ba. Akwai ɗan lissafi na gaggawa da ke nuna iya yadda kaso zai iya kaucewa saboda sa'a kawai, inda `n` ke nufin yawan waɗanda aka ƙidaya:

```
100 ÷ √n
```

Ga ƙarfin riƙewa, `n` shi ne masu kallon sakan uku. B tana da 5,070, wanda ke ba da kusan maki ɗaya da rabi sama ko ƙasa. A tana da 7,350, maki ɗaya da 'yan kai. Tazarar da ke tsakaninsu maki 16 ce, daga 14 zuwa 30, ta yi wa wannan rawar nisa sosai. Ana iya yarda da ita.

Amma a ce mai shagon ya kashe gwajin tun a daren farko, lokacin da kowane ɓangare ke da masu kallon sakan uku 100 kacal. Rawar a nan maki 10 ce sama ko ƙasa. In ya ga 14 da 18, bai ga komai ba tukuna. Lissafin kimantawa ne, domin mutum ɗaya na iya ganin talla fiye da sau ɗaya, amma ya isa ya hana yanke hukunci da wuri. Idan kuma mako ya cika tazarar ba ta wuce maki ɗaya ko biyu ba, amsar ita ce ƙugiyoyin sun yi kunnen doki, sai a nemo wata dabara ta uku da ta sha bamban da su.

A ƙarshen gwaji Meta ma yakan bayyana wanda ya yi nasara, tare da kaso na tabbacin da yake da shi. Sai a duba da wane ma'auni ya yanke hukuncin, domin yana bin kuɗin da aka kashe kan sakamakon da aka zaɓa tun farko. In da kallon sakan uku aka auna, A ce za ta fito da kambu, tunda a can kowane kallo bai kai naira uku ba, na B kuwa ya haura naira huɗu.

Abin da wannan gwaji bai faɗa ba

Gwajin ya amsa tambaya ɗaya: wace ƙugiya ce ta fi riƙe ido. Bai ce wacce ta fi kawo ciniki ba. Da aka zaɓi burin `ThruPlay`, an umarci Facebook ya nemo masu son kallon bidiyo, kuma ba duk mai son kallo ne mai saye ba. In mai shagon ya leƙa WhatsApp ya ga saƙo 9 daga A, 12 daga B, kada ya gina komai a kai, lambobin sun yi ƙanƙanta. Sanin wacce ta fi kawo masu tambayar farashi yana buƙatar gwaji na biyu wanda burinsa saƙonni ne, kuma ya fi cin kuɗi saboda saƙo ya fi kallo tsada nesa ba kusa ba. Amfanin na farko shi ne ya tace masa, ya shiga na biyun da bidiyon da ya san mutane na kaiwa wurin farashi.

Ita ma B ba za ta dawwama ba. Mutanen gari ɗaya masu shekaru ɗaya suna da iyaka, kuma wanda ya ga ɗakin nan mai duhu sau huɗu ya daina tsayawa. Alamar tana cikin lambar `Frequency`, wadda ke nuna matsakaicin sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. In tana hawa, ƙarfin tsayarwa kuma yana sauka mako bayan mako, lokaci ya yi da za a ɗauki sabuwar ƙugiya, a kwafi aikin a manhajar gyara, a canza sakan uku na farko, a sa ta ta kara da B na wasu kwana bakwai.